Reshe a Dawanau: Yadda Takarda Mai Shafi Huɗu Ta Sauya Shawarar Daraktoci

Wani ƙaramin banki ne a cikin birnin Kano, irin waɗanda ke ba 'yan tireda da masu ƙananan sana'o'i rance. Yana da hedikwata da rassa biyu. A wani zama na hukumar daraktocinsa, shugaban hukumar ya kawo maganar buɗe reshe na uku a kasuwar hatsi ta Dawanau, aka kuma umarci manajan darakta da ya kawo rahoton SWOT da shawara cikin mako shida, kafin kaka ta shigo. Ba zan ambaci sunan bankin ba, kuma alƙalumansa na cikin gida da za a gani nan na misali ne, an daidaita su domin lissafin ya fito sarai. Ƙa'idojin Babban Bankin Nijeriya, CBN, da abubuwan da suka faru a kasuwar kuwa na zahiri ne.

SWOT taƙaitawa ce ta kalmomi huɗu na Turanci: ƙarfi, rauni, dama da barazana. Biyun farko na cikin gida ne, abin da ke hannun ma'aikata. Biyun ƙarshe daga waje suke zuwa, ko an so ko an ƙi.

Daftarin farko da aka kai wa manajan darakta shi ne irin wanda kowa ya saba gani. An raba shafi gida huɗu, an zuba maganganu biyar-biyar. A gidan ƙarfi an rubuta "muna da suna mai kyau" da "ma'aikata masu himma". A gidan dama an rubuta "Dawanau babbar kasuwa ce". A gidan barazana, "hauhawar farashi" da "gasa". A ƙasa kuma aka ce tunda ƙarfi da dama sun rinjayi rauni da barazana, a buɗe reshe. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan daftari, amma babu abin da darakta zai riƙe ya yanke hukunci da shi. Da za a goge Dawanau a rubuta Kwari ko Singa ko Wudil, babu layin da zai buƙaci gyara. Manajan darakta ya mayar da shi da sharaɗi guda: duk maganar da ba za a iya liƙa mata lamba, ko kwanan wata, ko wata ƙa'ida ta CBN ba, a cire ta. Daga maganganu ashirin, tara suka tsira.

Dawanau tana Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, a kan titin Kano zuwa Katsina, kuma tun 1985 take ci. Ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Masara, gero, dawa, wake, waken suya da gyaɗa suna shiga suna fita, riɗi da zoɓo kuma daga nan ake haɗa su a kai tashar jiragen ruwa. Wanda ya tsaya a bakin titi a watan Nuwamba ya ga tireloli sun yi layi, ba sai an yi masa bayanin abin da ya ja hankalin shugaban hukumar ba. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tambayar da takardar ta fara yi ita ce: a cikin wannan hada-hada, wane yanki ne doka ta yarda bankin ya taɓa?

Amsar tana cikin ƙa'idar da ta hana ƙaramin banki ba mutum ɗaya rancen da ya wuce kashi 1 cikin ɗari na jarin masu hannun jari, ƙungiya kuma kashi 5. Jarin wannan banki naira miliyan 320 ne. Ke nan iyakar abin da zai ba mutum guda miliyan 3.2 ne. Tirela mai ɗaukar tan 30 buhu 300 ce idan buhun mai kilo 100 ne. A ƙaddara buhun masara naira 50,000: tirela ɗaya miliyan 15 ke nan, rancen bankin mafi girma kuma buhu 64 kawai zai saya. Attajirin da ke loda tirela uku a mako ba abokin cinikin wannan banki ba ne, yana da asusu a manyan bankuna, kuma da yawa daga cikinsu ba sa cin bashi mai ruwa ko da an kai musu har rumfa. Mutanen da bankin zai iya yi wa aiki su ne na kewayen tirelar: 'yan sari masu sayen buhu goma zuwa talatin su kai unguwa, masu injin gyaran riɗi da casar hatsi, mata masu tsintar zoɓo da shiƙa, masu sayar da buhunan wofi, masu kurar dako da masu abinci. Jami'ai biyu suka yi kwana goma a kasuwar suna zama da shugabannin layuka, suka dawo da ƙiyasin cewa matsakaicin rancen da irin waɗannan mutane ke nema bai wuce naira 400,000 ba. Damar tana nan, amma ba mai girman tirela ba ce, kuma wannan shi ne layin farko da aka rubuta a gidan dama.

Layi na biyu ya fi nauyi. Neman kuɗi a Dawanau ba shimfiɗe yake a kan wata goma sha biyu ba. Yana tashi da kaka, daga Oktoba, lokacin da sabon amfani ya shigo kuma farashi ya sauka. A sayi kaya a ajiye ko a juya, a riƙa sayarwa har bazara. Da damina ta kankama, masu neman rancen sari sun ragu sosai. Aka ƙiyasta cewa kuɗin rance zai yi aiki kusan wata bakwai a shekara, alhali albashi da kuɗin wuta da na masu gadi wata goma sha biyu ake biyansu.

Daga nan sai aikin ya bar cika gidaje huɗu ya koma gwama su da juna, kuma a ganina nan ne rahoton SWOT ke fara amfani. An ɗauki wannan dama ta kaka aka aza ta a kan littafin bankin na bara. CBN ta wajabta wa ƙaramin banki ya riƙe aƙalla kashi 20 cikin ɗari na kuɗin ajiyar mutane a matsayin kuɗin hannu, wato tsaba da abin da za a iya mayarwa tsaba nan take. A watan Agusta na bara kuɗin ajiya miliyan 540 ne, kuɗin hannu miliyan 167, wato kashi 31. Duk wanda ya ga wannan zai ce akwai rara, kuma a daftarin farko ma a gidan ƙarfi aka saka shi. Amma masu ajiya a wannan banki 'yan kasuwa ne, su ma da kaka suke kwashe kuɗinsu su sayi kaya. Zuwa Nuwamba an cire miliyan 60. Ajiya ta koma miliyan 480, kuɗin hannu miliyan 107, kashi 22.3 ke nan. Mafi ƙarancin da doka ta yarda a kan miliyan 480 shi ne miliyan 96. Rarar gaskiya, a watan da Dawanau ke buƙatar kuɗi, miliyan 11 ce kacal. Shirin reshen kuwa yana maganar ba da rancen miliyan 150 a kakar farko. Abin da aka ɗauka ƙarfi ne ya zama rauni da zarar an duba shi a watan da ya dace.

Haka aka yi da maganar gini. Shawarar da ke yawo a tsakanin daraktoci ita ce a sayi fili a bakin titi a gina ofis, kimanin miliyan 48, a ƙara miliyan 17 na ɗakin ajiyar kuɗi, sola da janareta, kwamfutoci da babura. Jimla miliyan 65. Ƙa'idar CBN ta ce kafaffun kadarori, irin su gini da motoci da kayan ofis, kada su wuce kashi 20 na jarin masu hannun jari. Kashi 20 na miliyan 320 shi ne miliyan 64, bankin kuma ya riga ya cinye miliyan 51. Saura miliyan 13. Idan aka yi ginin, kadarorin za su kai miliyan 116, sama da kashi 36. Ko haya aka kama aka fasa gini, kayan ofis na miliyan 17 kaɗai sun tsallake layi. Wannan lissafi bai ɗauki minti biyar ba, amma mako uku ana muhawarar wane fili ya fi kyau babu wanda ya yi shi.

Rauni na uku shi ne wanda ma'aikata suka so a sassauta kalmominsa, manajan darakta ya ƙi. Jimlar rancen da ke waje miliyan 610 ce. Wanda ya makara fiye da kwana 30 ba a biya ba miliyan 45 ne, wato kashi 7.4, alhali ma'aunin CBN kashi 5 ne. Da aka fasa lambar ofis-ofis sai labarin ya fito. Hedikwata tana da miliyan 360 a waje, miliyan 15 suka makara, kashi 4.2. Reshen farko miliyan 130, tara suka makara, kashi 6.9. Reshe na biyu, wanda aka buɗe shekara biyu da suka wuce, miliyan 120 ne a waje, miliyan 21 suka makara, kashi 17.5. Kusan rabin duk bashin da ya maƙale yana reshen da ya fi ƙuruciya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Lokacin buɗe shi an ɗauki sababbin jami'an rance, aka ɗora musu adadin da za su raba kowane wata, aka auna su da yawan abin da suka bayar, ba da abin da ya dawo ba. Ba su san unguwar ba, ba su san wa ke da shago nasa wa ke tsaron na wani ba. A cikin jami'an rance tara na bankin, uku ne kawai suka haura shekara uku a aiki, kuma dukkansu suna hedikwata. Suna mai kyau da aka rubuta a gidan ƙarfi, idan aka bi diddigi, mutum uku ne.

Akwai kuma abin da lasisin ya ƙayyade. Bankin yana aji na ɗaya na ƙananan bankunan unguwa, masu mafi ƙarancin jari na miliyan 200. Irin wannan lasisi rassa huɗu kawai ya yarda da su bayan hedikwata, a cikin ƙananan hukumomi biyar masu maƙwabtaka da juna, kuma kowanne sai da amincewar CBN. Dawakin Tofa tana iyaka da Ungogo, Ungogo kuma tana manne da birni, don haka ta fuskar taswira babu matsala. Amma gurbi biyu suka rage, kuma banki mai bashin da ya makara sama da ma'auni yana neman izinin sabon reshe ne da rauninsa a fili. A watan Mayun 2023 CBN ta soke lasisin ƙananan bankuna 179. Takardar ta ambaci wannan a layi ɗaya tak, ba ta ƙara komai a kai ba, domin babu daraktan da bai san wani da abin ya shafa ba.

Gidan barazana shi ne ya fi sauƙin cikawa, shi ya sa aka fi tsananta masa. An cire "hauhawar farashi" domin ta shafi kowane reshe, ba ta bambanta Dawanau da ko'ina ba. Abin da aka bari shi ne abin da ya taɓa wannan kasuwa kai tsaye, da kwanan watansa. A Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, an rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 2024, kuma Dawanau kasuwa ce da ke ciniki da ƙetare. A Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu rumbuna a yankin bisa zargin ɓoye abinci. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya faɗi warwas, waɗanda suka saya da tsada suka ajiye suka tafka asara. Abubuwa uku cikin shekara biyu, babu wanda ɗan sari ya jawo da hannunsa.

Abin da ya sa wannan ya zama barazana ta musamman shi ne yadda yake kama kowa lokaci guda. A reshen cikin gari, idan tela ya kasa biya, mai shayi da mai sayar da katin waya suna biya. A Dawanau, ranar da buhu ya faɗi daga 50,000 zuwa 35,000, ɗan sari da mai inji da ɗan dako da mai abinci duk ranar suke shiga matsi, hatsin da aka riƙe a matsayin jingina kuma ya rasa kashi 30 na darajarsa a daidai lokacin da ake buƙatarsa. Game da gasa, jami'an sun tarar cewa ajiya da cire kuɗi da turawa sun riga sun koma hannun masu POS na kamfanoni irin su Moniepoint da OPay, kusan kowane layi akwai su. Don haka reshe ba zai rayu da kuɗin hidimar cire kuɗi ba, ribarsa daga rance kaɗai za ta fito. Sai batun kuɗin ruwa: mutane da dama da aka zanta da su sun ce murabaha suke so, bankin ya saya musu kaya ya sayar musu da riba sananniya. Bankin ba shi da izinin yin harkar da ba ruwa, samunsa kuma aiki ne daban da ke buƙatar amincewar CBN da kwamitin malamai masu ba da shawara. Takardar ta saka wannan a gida biyu, barazana a yau, dama idan an nemi izinin.

Ga yadda shafin farko na takardar ƙarshe mai shafi huɗu ya buɗe. An sa shawarar a sama, kafin hujja, domin darakta da ya karanta sakin layi ɗaya a cikin mota ya san abin da ake nema a wurinsa:

"Zuwa ga Hukumar Daraktoci, daga Manajan Darakta. Batu: buɗe reshe a Dawanau. Muna ba da shawarar kada a buɗe cikakken reshe a wannan shekara. A maimakon haka muna neman amincewar hukuma a yi gwaji na wata tara, daga Oktoba zuwa Yuni, da jami'ai biyu da za su riƙa zuwa kasuwar daga hedikwata, da rancen da jimlarsa ba za ta wuce naira miliyan 60 ba. Dalilai uku ne: ginin zai kai kafaffun kadarorinmu kashi 36 alhali iyaka kashi 20 ce, rarar kuɗin hannunmu a Nuwamba miliyan 11 ce alhali reshen na buƙatar miliyan 150, bashinmu da ya makara kashi 7.4 ne alhali ma'auni kashi 5 ne. Za mu dawo gaban hukuma a watan Yuli da sakamako."

Shafi na biyu shi ne jadawalin SWOT mai maganganu tara, kowacce da lambarta da inda aka samo ta. Shafi na uku ya ɗauki zaɓi uku ya auna su da sikeli ɗaya, domin hukumar da aka kai wa zaɓi guda ba shawara aka nema a wurinta ba, sa hannu aka nema.

Lissafin cikakken reshe ya tafi kamar haka. Kashe kuɗi na wata: albashin mutum goma sha ɗaya miliyan 2.2, wuta da man janareta da intanet dubu 600, tsaro da jigilar kuɗi dubu 500, tsufan kaya da sauran ƙananan hidimomi dubu 700. Miliyan 4 ke nan a wata. A kan kowace naira ɗari da ke waje bankin yana samun naira 4 a wata, yana biyan naira 1 ga masu ajiya, yana ware kwabo hamsin saboda bashin da ba zai dawo ba. Saura naira 2.5. Domin a fitar da miliyan 4 daga kashi 2.5, sai rancen da ke waje ya kai miliyan 160, kuma ya tsaya a haka duk shekara. Da rance mai matsakaicin 400,000, mutum 400 ke nan, aikin ƙwararrun jami'ai uku, wato duk waɗanda bankin ke da su. Tunda kuma kuɗin wata bakwai zai yi aiki, dole a cikin watannin ya kai kusan miliyan 274 kafin a rufe kuɗin shekara. Aka sake lissafin da zaton reshen zai yi halin ɗan'uwansa na biyu, a ware naira 1.5 maimakon kwabo hamsin. Ribar ta koma kashi 1.5, abin da ake buƙata kuma ya tashi zuwa miliyan 267 duk shekara. Naira ɗaya a cikin ɗari ta ƙara sama da miliyan 100 a kan abin da sai an kai kafin a daina asara.

Zaɓi na biyu shi ne a bar maganar gaba ɗaya. Takardar ba ta raina shi ba, ta ce ba ya cin ko kwabo, amma yana barin hukumar ta sake wannan muhawara baɗi da jahilcin da take ciki yau, domin har yanzu babu wanda ya san yadda 'yan Dawanau ke biyan bashi.

Zaɓi na uku shi ne gwajin. Jami'i ɗaya daga cikin ƙwararrun uku, da wani matashi da zai koya a hannunsa. Babura biyu da na'urorin hannu, miliyan 4, wanda ya shiga cikin rarar miliyan 13 ta kadarori. Kuɗin wata miliyan 1.1, don haka da rancen miliyan 44 a waje an rufe shi. Rance ga mutum 150, a rukuni na biyar zuwa goma masu tsaya wa juna, da sanin shugaban layi, biya kowane mako ta asusun banki, ba tsaba a aljihun jami'i ba. Kada abin da aka ba masu sana'ar kaya iri ɗaya, masara ko riɗi ko zoɓo, ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Kuma ba a ba wanda zai saya ya kulle a rumbu yana jiran tsada, sai mai juya kaya cikin mako biyu zuwa huɗu. Miliyan 60 ɗin ba daga kuɗin hannu za ta fito ba: miliyan 40 daga sabuwar ajiya mai wa'adin wata tara zuwa sama da za a nema kafin Oktoba, miliyan 20 daga abin da ake karɓowa a reshe na biyu, inda za a dakatar da sabon rance sai ga waɗanda suka biya na baya a kan lokaci. A wajen neman ajiyar akwai abin faɗa wa mutane, domin a 2024 hukumar inshorar kuɗin ajiya ta ƙasa, NDIC, ta ɗaga inshorar mai ajiya a ƙaramin banki daga naira 200,000 zuwa miliyan 2.

Takardar ba ta yi alkawarin riba ba. Ta ce idan matsakaicin abin da ke waje ya tsaya a miliyan 40, za a samu miliyan 9 a kashe miliyan 9.9, kusan babu ci babu asara. Idan abin ya lalace kamar reshe na biyu, har duk abin da ya makara ya salwanta kuma ba a lissafa ko kwabo na riba ba, asarar miliyan 10.5 ce ta rance da miliyan 9.9 ta hidima, miliyan 20.4, kimanin kashi 6.4 na jari. Ciwo ne, amma ba ya kai banki ƙasa da mafi ƙarancin jarin miliyan 200.

Shafi na huɗu gajere ne, sharuɗɗan da idan sun cika a Yuli manajan darakta da kansa zai kawo takardar neman izinin reshe: bashin da ya makara a duk bankin ya sauka zuwa kashi 5 ya zauna wata uku a jere, na gwajin ma kada ya wuce haka, kuɗin hannu a Nuwamba kada ya gaza kashi 25, a tara ajiyar miliyan 80 daga cikin kasuwar kanta, kuma a samu hanyar kayan ofis da ba ta tsallake iyakar kadarori ba, ko ta ƙarin jari ko ta haya. An kuma rubuta sharaɗin tsayawa: idan bashin gwajin da ya makara ya kai kashi 10 a kowane wata, a daina bayarwa a koma karɓa, ba sai an jira zaman hukuma ba.

A zaman, shugaban hukumar ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, duk na ji. Amma idan muka tsaya gwaji wani ya riga mu kafa allo a bakin titin fa?"

Manajan darakta ya ce, "Ranka ya daɗe, allo ba shi ke riƙe ɗan sari ba, wanda ya san rumfarsa ya ba shi kuɗi a makon da yake so shi ke riƙe shi. Wannan za mu fara a Oktoba. Idan gini muka sa a gaba, sai mun jira izini, kakar bana ta wuce mu."

Wata darakta, wadda ta yi shekaru a aikin binciken kuɗi, ta kama wurin da takardar ta fi rauni. Ta ce, "Alhaji, ni damuwata hedikwata ce. Kun ce mutum uku ke riƙe da kashi 4.2 ɗin nan. Kun ɗauke ɗaya. Wa zai bi masa bashinsa?" Babu amsar wannan a cikin shafi huɗun. An auna abin da gwajin zai ci na kuɗi, ba a auna abin da zai ci na mutum ba, alhali takardar da kanta ta ce ƙarfin bankin mutum uku ne. Manajan darakta ya amsa cewa gaskiya ne, an bar giɓi. Aka tsaya a kan jami'in zai yi kwana uku a Dawanau, biyu a hedikwata, kuma saboda haka aka rage iyakar rancen daga miliyan 60 zuwa 45, mutum 110 maimakon 150. Wannan gyara ya sa gwajin zai yi 'yar asara ko da komai ya tafi daidai, domin miliyan 44 ake buƙata a waje kullum, kuma hukumar ta karɓi hakan da saninta, aka rubuta a littafin zama.

Saura batun fili. Ashe filin da aka fi yabawa na surukin ɗaya daga cikin daraktocin ne. Takardar ba ta taɓo wannan ba, kuma daidai ta yi, tunda iyakar kashi 20 ta riga ta kashe maganar sayen kowane fili, na kowa ne. Sakataren hukumar dai ya nemi a rubuta cewa duk ranar da maganar fili ko haya ta dawo, mai alaƙa zai bayyana alaƙarsa ya fita daga ɗakin kafin a yanke. Daraktan ya ce babu komai, ya sa hannu.

An amince da gwajin da ƙuri'a biyar, ɗaya ya ƙi, ɗaya ya yi shiru. Aka ƙara umarni biyu da ba su cikin takardar: a rubuta wa CBN a tambaya ko ajiye tebur na dindindin a cikin kasuwar yana buƙatar izini kafin a kama ko da rumfa, kuma a kawo ƙiyasin abin da neman izinin harkar da ba ruwa zai ci a zaman watan Janairu. Rahoton kuɗin hannu kuwa, daga farkon Oktoba zuwa ƙarshen Disamba, kowace Litinin za a aika wa shugaban kwamitin binciken kuɗi, ba kowane wata ba.